Kwasar Inna a Adashin Goggo

Har yau in warin kananzir ya haɗu da ƙamshin daddawa a hancina, sai kasuwar Talatar Mafara ta faɗo mini a rai, ta shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori. Haka hannun Inna yake wari ko ta wanke shi da sabulu, domin abin da take aunawa ke nan tun hantsi har rana ta yi sanyi. Ina yarinya nakan kawar da fuska in ta zo gyara mini ɗankwali. Yanzu da na haura shekarunta na lokacin, na san da wannan hannun aka ciyar da mu.

Baba ya rasu ina ƙarama, ya bar Inna da mu uku a ɗaki guda cikin gidan gado. Baffa, ƙanen Baba, shi ne maigida, amma kowa ya san ba shi ke yanke magana ba. Mai yankewa ita ce Goggo, yayarsu, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida ta kama ɗakin da ya fi kowane girma. Mace ce mai jiki, mai murya, mai son a durƙusa mata. Idan za ki gaishe ta sai kin kai gwiwa ƙasa kin jira ta gama tauna goronta. Ita ce kuma uwar adashin matan kasuwa na unguwarmu, kuma wannan ne ya sa take jin kanta kamar ita ta haifi garin.

Bayan Inna ta fita takaba ta ga ba mai ɗaukar mata bakuna uku, sai ta fara kasa kayan miya a faifai, a ƙasa, kusa da masu tukwane. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, ɗan gishiri. Ba kowace mace ke zama kasuwa ba a lokacin, sai tsofaffi da zawarawa, kuma an yi ta magana. Inna ta toshe kunnenta. Daga faifai ta koma tebur mai ƙafa uku da rabi, daga tebur ta kafa rumfar zana ta ƙara manja da kananzir da ashana. Duk wannan hawan da adashi ta yi shi. Ba ta taɓa tara kuɗi a ɗaki sun kwana biyu ba, don a gidan yawa kuɗin da aka san suna ƙarƙashin tabarma ba naki ba ne. Wannan zai zo da ciwon ciki, wancan da zancen taki, kuma matar marigayi ba ta da bakin cewa babu. Amma in ta ce ta zuba adashi, magana ta ƙare.

Bari in gaya maka yadda ake yinsa a wurinmu, don yanzu kowa na kiran komai adashi. Mata ne suke haɗuwa, kowace ta kama hannu ɗaya, mai ƙarfi ta kama biyu, marasa ƙarfi su biyu su haɗa hannu guda su raba in ya fito. Kowace Talata, kafin la'asar, kowa ta kai zubinta wurin uwar adashi. A haɗa duka a ba mutum ɗaya, wannan ita ce kwasa. Haka za a yi ta zagayawa har kowane hannu ya ɗauka, sannan a ce adashi ya fita, a sake sabo. Ba riba ba ruwa, abin da kika zuba shi za ki kwasa. Amfaninsa kawai ya zo miki a dunƙule.

Uwar adashi ita ke kwasar farko, kuma duk wadda ta ɗauka takan ɗan cire mata na goro. Ba banza ake ba ta wannan ba. In wata ta makara da zubi, ita za ta cike giɓin daga lalitarta, mai kwasa ta tafi da kuɗinta cif, daga baya ta bi wadda ta makara. Sauran layi kuwa da ƙuri'a ake fitar da shi. Kowace ta kawo alamarta, wata zobe, wata maɓalli, wata ƙwallon dabino, a zuba a ƙwarya a rufe da faifai, a kira yaron da bai san komai ba ya riƙa zarowa. Mai biki ko suna a gaba takan faɗa tun ranar, a duba mata. Bayan nan ba a taɓa layi, sai in mutum biyu sun yarda su yi musaya da bakinsu. Sai babbar doka, wadda ko mu yara mun sani: ba a sa alamar baƙuwa a ƙwarya. Baƙuwa daga ƙarshe take ɗauka, sai an ga zubinta zagaye guda, kuma wadda ta kawo ta ita ke tsaya mata. Dalilin a fili yake. Wadda ba ta kwasa ba tana bin jama'a, ba za ta gudu ba. Wadda ta riga ta kwasa ita ake bi, kuma ba abin da ke riƙe ta sai kunyar mutanen da za ta ci gaba da gani.

Goggo ta san wannan sarai, ta fi kowa sani. Shekara da shekaru tana riƙe da layin mutum ashirin a ka, ba ta taɓa rikita na wata da na wata ba. Shi ya sa ban taɓa yi mata uzurin jahilci ba.

Sai aikin dam ya kankama. Manyan motoci suna wucewa gari na girgiza, Turawa da jajayen wuya suna zuwa kasuwa sayen ƙwai, leburori daga ko'ina, wasu ko Hausa ba sa ji. Ranar da aka yi albashi kasuwa takan haukace. Samarin da jiya suke bin jaki yau suna yawo da rediyo a kafaɗa, da tabarau, suna taya abu ba tare da neman ragi ba. Can wajen Maradun kuma ruwa ya fara cinye ƙauyuka da fadamu, aka tashi mutane aka mai da su tudu, aka ba su diyyar gidaje da itatuwa. Kuɗi suka yi yawa a gari ta fuska biyu, na masu murna da na masu kuka, kuma 'yan kasuwa ba su bambanta ba.

A wannan shekarar Goggo ta ɗaga zubi daga naira biyu zuwa biyar. Hannu ashirin, kwasa naira ɗari. Wasu tsofaffin 'yan adashi suka ja baya don ba za su iya ba, ita kuwa ko a jikinta, don ta riga ta sami masu cike gurbi. Matar wani foman, wato shugaban leburorin dam, ita ce ta kawo ƙawayenta uku, dukansu matan ma'aikata masu haya a bakin titi. Na tuna ranar da suka fara shigowa gidanmu. Atamfa sabuwa fil, takalma masu tsini a cikin taɓon damina, haƙorin zinariya, turare kamar an fasa kwalba. Goggo, wadda ba ta tashi wa kowa, ta miƙe da kanta ta shimfiɗa musu darduma. Ta aika aka sayo musu lemon kwalba. Tana dariya tun kafin su gama magana. Na tsaya bakin ƙofa ina kallon matar da nake jin tsoro tana rawar jiki a gaban turare, kuma tun daga ranar tsoron nan ya fara zama wani abu dabam.

Akwai baƙuwa ta biyar, ita ba a shimfiɗa mata komai ba. Wata tsohuwa ce daga cikin waɗanda ruwa ya tasa, tana tahowa daga wajen Maradun duk Talata da ƙuli-ƙuli a ƙwarya. A gaskiya ba baƙuwa ba ce, don ta yi zagaye biyu da su tun ana zuba naira biyu, amma a idon Goggo mai zane ɗaya kullum baƙo ne. Ta gaya wa Inna cewa rabonta na diyyar tsamiyoyinta da giginyu ne take zubawa kaɗan-kaɗan, don 'ya'yanta maza sun riga sun mai da nasu keke da rediyo, kuma sun fara zagaya nata. So take ya fito mata a dunƙule ta sayi awaki, tunda ba sauran fadama.

Ranar ƙuri'a, Goggo ta karɓi zobban matan nan huɗu ta jefa a ƙwarya tare da na kowa. Mata suka kalli juna. Wata ta yi gyaran murya. Goggo ta ce, “Ni at tsaya musu. Mazansu albashi su ka ɗauka duk wata, ba ruwan sama su ka jira ba.” Aka kira yaro ya fara zarowa. Uku daga cikinsu suka fito a sahun gaba, matar foman ce kawai ta faɗa can ƙarshe, ta ɓata rai. Inna ta fito a tsakiya, daidai kaka, tsohuwar Maradun tana bin ta a baya.

Inna ta dawo ɗaki tana murna a ɓoye, domin ta riga ta sa ido a kan wani abu. Akwai wani dattijo mutumin Bakura mai gida a bakin kasuwa, ta wajen tasha, yana da shagon ƙasa mai rufin kwano da ƙofar katako a jikin gidan. Kuɗin shekara yake so gaba ɗaya. Wani tela ma yana nema, kuma kuɗinsa a hannu. Inna ta sa Kawu, wanta, ya raka ta suka gaishe da dattijon, ta faɗa masa Talatar da za ta kwasa. Ya ce ya san Baba, zai riƙe mata zuwa ranar, amma in ta wuce kada ta ga laifinsa. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Rumfar zana duk damina sai ruwa ya lalata mata gishiri, kullum sai mun kwaso kaya a ka mun mayar, kuma ciniki rana ɗaya ne a mako. A bakin tasha kuwa kullum kasuwa ce.

Watannin nan mun sha wuya. Naira biyar duk Talata ta fi ƙarfin rumfarmu, sai da Inna ta ƙara da dakau. Miyarmu ta koma ruwa. Idan ciniki ya ƙi, takan kwance bakin zane ta ƙirga sulalla, ta aike ni wajen mai tukwane ta ranta mata abin da ya rage zuwa jibi. Amma ba a taɓa kiran la'asar zubinta bai isa ɗakin Goggo ba.

Ana saura mako guda kwasarta, da hantsi, Goggo ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta tako har ƙofar ɗakinmu. Ba ita kaɗai ba, ta taho da Baffa, ya tsaya gefe yana kallon ƙasa. Inna ta durƙusa. Aka yi gaisuwa doguwa, gajiya, yara, sanyin kaka, kasuwa, kamar ba gida ɗaya muka kwana ba. Sannan Goggo ta shigo da zancen. Matar foman za ta yi bikin ƙanwarta, tana son kwasa da wuri, ta ga ba wadda ta dace ta yi mata kara sai ta gida.

“Ke koma nata wuri, ita ta ɗauki naki. Mi ab bambanci? Kuɗɗinki na nan, ba gudu za su yi ba.”

Inna ta ce, kanta a sunkuye, “Yaya, na riga na yi magana da mai shago.”

“Shago,” in ji Goggo, ta juya wajen Baffa. “Ka jiya? Matar ƙanena a bakin tasha, cikin direbobi. Zaman kasuwar da munka yi shiru bai ishe ta ba.”

Baffa ya motsa baki, ya ce ai a yi wa Yaya biyayya, gida ɗaya ake. Wannan shi ne iyakar abin da na taɓa jin ya tsaya a kai a rayuwarsa, kuma ko shi aro ya yi.

Ka gane inda aka sa Inna. Yayar miji ce, ko sunanta ba ta faɗa. A ɗakinsu take, 'ya'yansu take riƙo. Mace a matsayinta ba ta cewa a'a, sai dai ta ce to, ta shiga ɗaki ta yi kuka. Goggo a kan wannan ta dogara, shi ya sa ba ta je wa wata ba. Daga baya muka ji matar foman ta yi mata alkawarin turmin atamfa da naira goma na goro. Abin da aka sayi layin Inna da shi ke nan, tun kafin a tambaye ta.

Inna tana nan durƙushe. Ina ganin yatsunta suna murza bakin tabarma. Can ta ce, “Ki yi man haƙuri, Yaya. Ƙuri'a ta ba ni, kuma musaya sai da yarda. Ban yarda ba.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɗaga kai ba. Goggo ta tsaya kamar an watsa mata ruwa, ta gyara mayafi ta juya, Baffa na biye da ita. Tun daga ranar gidan ya ɗauke mana wuta. Ba mai amsa gaisuwar Inna, in ta aika tuwo a dawo da shi yadda yake, an hana yaran gidan wasa da mu. Manyan mutane, masu tasbaha a hannu, suna gaba da marayu saboda turmin atamfar da ko ba su za su ɗaura ba.

Talatar ta zo. Goggo ba ta da yadda za ta yi, don mata goma sha tara sun san layi. Ta ƙirgo kuɗin ta ajiye a ƙasa maimakon ta miƙa. Inna ta durƙusa ta tsince su, ta cire na goro ta ajiye mata a gefen darduma kamar yadda aka saba, ta yi godiya. Kafin magariba mabuɗin shago yana ɗaure a bakin zanenta. Abin da ya rage bayan kuɗin shekara bai fi na buhun gishiri da garwar kananzir ba. Mun share shagon, mun jera kayan nesa-nesa da juna don kada a ga babu.

Mako na gaba ya kamata tsohuwar Maradun ta kwasa. Sai muka ga ta zo shago da la'asar, ƙwaryarta a ka, ta zauna a dakali tana sa wa Inna albarka a sabon wuri. Inna ta tambaye ta ko awaki sun samu. Ta yi 'yar dariya ta ce ai an mai da ita ƙarshe. Uwar adashi ta kira ta gefe ta ce mata matar manya na da buƙata, ita kuwa awaki ba sa ƙarewa a kasuwa.

“Kin yarda?” in ji Inna.

“Ɗiyata, wa ni ka ce ma ban yarda ba? Ni da ba ni da kowa garin ga.”

Inna ta zauna a kan buhun gishiri. Na ga fuskarta ta canza. Ta ƙi bayar da layinta, an je an ɗauke na wadda ba ta da baki. Ranar ba ta ci abinci ba.

Ba a yi wata guda ba aka gama ɓangaren aikin da mazan matan nan suke yi, aka sallami mutane da yawa. Wata Alhamis da rana tsaka aka ga babbar mota a bakin titi ana loda gadaje da akwatuna. Kafin labari ya iso unguwarmu sun yi nisa. Ba wanda ya san garinsu na ainihi, wata ta ce kudu, wata ta ce gabas. Dukansu huɗu sun kwashe, kuma saura hannu shida ba su ɗauka ba. Ban ma cika jin haushinsu ba. An buɗe musu ƙofa ne sun wuce, kuma ba su taɓa cewa za su tsufa a Mafara ba.

Haushina na waɗanda suka tsufa a nan ne. Talatar da ta biyo baya mata suka taru a ɗakin Goggo. Abin da al'ada ta ce a fili yake: ita ta tsaya musu a gaban kowa, ita za ta cike hannu huɗun nan har adashi ya fita. Tana da abin yi, tana da shanu a ruga wajen Fulani, tana da gwala-gwalai. Ta zauna sanye da sabuwar atamfar nan, ta haɗa hannu a ciki, ta ce wannan ƙaddara ce daga Allah, adashi ya mutu, kowa ya riƙe abin da ya samu. Da wata ta tuna mata maganarta, sai ta fashe da kuka ta ce ana son a kashe ta da ranta, ita ma cutarta aka yi. Ko nata zubin, na hannun da ta kwasa tun farko, ba ta sake fitarwa ba.

Da jin an ce ya mutu, sai na ga abin mamaki. Matan da suka riga suka kwasa, 'yan gari, waɗanda aka yi suna da biki tare, suka fara gyara lulluɓi suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan ta ce sai ta yi shawara da maigida, ita da ba ta nemi shawararsa ba ranar da ta kwasa. Suna fita suna salati suna tsine wa baƙi, kuɗin maƙwabtansu a ƙugunsu. Mutum shida suka rage zaune, tsohuwar Maradun a bakin ƙofa, inda ta saba.

Inna ma ta riga ta kwasa. Ba wanda zai ce mata komai in ta yi shiru, kuma shagon yana buƙatar kowane kwabo. Kawu da kansa ya ce mata ta riƙe, tunda uwar adashi ta faɗa da bakinta. Ta ce masa kuɗin da ta kama shago da su ba na Goggo ba ne, na mutum ashirin ne, shida ba a mayar musu ba. Ta bi gidajen waɗanda suka kwasa ɗaya-ɗaya. Wasu suka ce a gaya mata ba sa nan, tana jin muryarsu. Uku kaɗai suka yarda. Su huɗu suka ci gaba da haɗa zubinsu duk Talata a shagonmu, su kai wa ɗaya daga cikin shidan hannu da hannu. Inna ta ce da tsohuwa za a fara, don layinta ne tun asali. Naira ashirin ta samu a madadin ɗari, bayan ta zuba saba'in. Inna ta so ta ƙara mata da kuɗin garwar kananzir, ta ƙi karɓa, ta ce ba ita ta ci mata ba. Ta sayi akuya ɗaya, na gan ta tana jan ta da igiya zuwa tasha. Tsohuwar ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba.

Makonnin nan shagon ya kusa kwanta mana. Ana sallamar ma'aikata, ciniki ya ja baya, ga zubi a cikin adashin da ba kwasa a gabansa. Matan gidanmu suna wucewa suna leƙe, suna komawa da labarin cewa shagon tasha ya koma ɗakin ɓeraye. Sai bayan an gama da ta shida, matan nan suka zo da kansu, da wasu da suka ji labari, suka ce Inna ta riƙe musu sabon adashi. Ta ƙi, suka nace. Ta mai da zubi naira biyu, ta ce duk mai son na manya ta san hanya. Kwasar farko ta uwar adashi ce, da ita ta sari manja garwa-garwa. Da ta zagaye na biyu ta sa kantar jera kaya da sikeli. Da tafiya ta yi tafiya aka fasa bango aka haɗa da ɗakin kusa, ta fara aika Kawu Gusau sarin sabulu da sukari da madara, masu tebur suna saya a wurinta. Muka bar gidan gado muka kama namu. Sau uku na san ta cike giɓi daga aljihunta, sau ɗaya har sai da ta sayar da tunkiya, kuma ba ta taɓa kiran abin ƙaddara ba.

Goggo ta yi tsawon rai. Ba wadda ta sake kai mata zubi, amma ta ci gaba da zama a kan darduma ana durƙusa mata, kuma Inna ba ta fasa aika mata sabulu da sukari duk azumi ba, tana karɓa ba godiya. Yanzu ni ke zaune a shagon. Adashi ya koma cikin waya, mutum ya shiga da waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba, ya tura kuɗi, in an gudu da su ya zo yana mini kuka. Nakan tambaye su wa ya tsaya wa wa, sai su kalle ni kamar na yi wani yare. Ba na cewa mutanen da sun fi na yanzu. Na ga na da ɗin da idona, da lulluɓinsu da salatinsu.

Ranar da Goggo ta rasu, kafin a fita da ita, ɗan Baffa ya tsaya a bakin tsakar gida ya yi tambayar da ake yi, ko akwai mai bin marigayiya bashi. Mata suka amsa baki ɗaya cewa babu, an yafe, mutuniyar kirki ce mai amana. Cikin masu faɗa har da waɗanda tukunyarsu ke kan wuta waccan ranar. Sai Inna, ta tsufa lokacin, ta ce daga inda take zaune, “Akwai. Mutum shida ka bin ta, nata hannu da na huɗun da ta tsaya ma.” Ta lissafa su, rayayyu da matattu, da inda za a sami magadansu. Aka fara gunaguni, wai ta rasa ranar tonon asiri sai yau. Ɗan Baffa ya zaro kuɗin daga aljihun gaba ba tare da ya duba ba, don a lokacin duka-duka ba su kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Daga baya ni aka aika Maradun da rabon tsohuwa. Jikarta ta karɓa tana juya su a hannu, ta tambaye ni na mene ne.

A hanyar dawowa daga gidan makoki na ce wa Inna ashe dai ta rama. Ta tsaya ta dube ni da ɓacin rai, ta ce yayar ubana ce, ba za ta bari a kwantar da ita da nauyin mutum shida a kanta ba alhali ita ta sani. Ban saba musu da ita ba. Amma da ni ce, da na ce babu tare da sauran, na bar ta ta tafi da kayanta.